Tambayoyin ajin tafsiri na ranar Asabar: aya ta 5 a Suratul Ma'ida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai na ajin manya, Aboabo, Kumasi. Buronya, wato Kirsimeti, ta matso, maƙwabtanmu Kirista za su aiko da shinkafa da kaza kamar yadda suka saba. Shi ya sa na zaɓi ayar da ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi. Kada kowa ya kawo mini "halal ne" ko "haram ne" tsurarsa. Ku faɗi wanda ya faɗa, da hujjarsa.

1. Ibn Abbas ya fassara "abincinsu" da yankansu. Me ya sa ya keɓe nama, bai bar kalmar a kan kowane abinci ba?

2. Aya ta 121 a Suratul An'am ta hana cin abin da ba a ambaci sunan Allah a kansa ba. An'am a Makka ta sauka, Ma'ida kuwa a Madina, cikin surorin ƙarshe. Da su wa Musulmi suke cuɗanya a can, da su wa a nan? Ta biyun ta shafe ta farkon ne, ko ta ware wani yanki daga cikinta?

3. A shekara ta 7 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya ci naman akuyar da Bayahudiya ta kawo masa a Khaibar. Me wannan ya ƙara mana?

4. Nan nake so mu daɗe. An ruwaito cewa Sayyidina Ali ya hana cin yankan Kiristocin Banu Taglib, domin a ganinsa ba su riƙi komai na Kiristanci ba sai shan giya. Ibn Abbas bai ga laifi ba. Sahabbai ne duka biyun, aya ɗaya suke karantawa. To, a kan me suka saɓa: ma'anar ayar, ko halin mutanen? Wanene Ahlul Kitabi, mai sunan addinin ko mai aiki da shi? Ku auna wannan da maƙwabciyar da kuka sani tana zuwa coci kowace Lahadi, da mai sayar da nama a Kejetia wanda ba ku san addininsa ba. Ni hankalina ya fi kwanciya da fahimtar Ibn Abbas, amma wanda ya bi Sayyidina Ali ya zo da hujjarsa, zan saurara.

5. Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike, wanda ya rasu a 543 bayan Hijira, ya halatta kazar da Kirista ya murɗe wa wuya. Mafi yawan malamai sun ƙi. Aya ta 3 a wannan surar tana goyon bayan wa?

6. Imam Shafi'i yana ganin bisimilla wajen yanka sunna ce, Imam Malik kuwa wajibi ce ga wanda ya tuna. Wannan saɓanin zai canja amsarku ta 2?

Ku rubuta da Hausa, ko boko ko ajami. Hajiyoyinmu da rubutu ke ba wa wahala su amsa da baki bayan La'asar. Kowa ya zo da Jalalaini nasa.