Kalmomi 20 na kasuwar hannun jari ga sabbin masu zuba jari

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan ƙungiyarmu ta adashi. Ga jadawalin da munka ce za a haɗa bayan zaman Asabar, don na lura da yawa cikinmu sun sauke manhajar sayen hannun jari a waya, wasu har sun tura kuɗi, amma in an tambayi mutum mi ya saya sai ya ce shi dai ya ga kore ya danna. Wanga abu yana damuna ƙwarai, kuɗin gumi ne, wani daga Kara ya tara su wani daga Tsohuwar Kasuwa, bai kamata a zuba su cikin abin da ba a san sunanshi ba. Layin tsakiya na rubuta kalmar daidai yadda za ku gan ta a fuskar waya. Lissafin da ke cikin misalan na koyo ne kawai, ba farashin yau ba ne.

| Kalma | A fuskar waya | Ma'ana |
|---|---|---|
| 1. Hannun jari | Share, Stock | Wani yanki na mallakar kamfani. Kamar mutum goma ne su haɗa kuɗi su yi lodin albasa zuwa Legas, in an ci riba kowa ya samu gwargwadon abin da ya sa, in ta ruɓe a hanya kowa ya ji a jikinshi. Ba ajiya ba ce, ba bashi ka ba kamfanin ba, babu wanda ya yi maka alkawarin uwar kuɗinka za ta dawo. |
| 2. Kasuwar hannun jari | NGX | Inda ake saye da sayarwa. An kafa ta a Legas a 1960, da NSE ake ce mata, a 2021 ta koma NGX. Kamfanin siminti namu na Kalambaina yana ciki, shi ne CCNN a da, anka haɗe shi da wani ya zama BUA Cement a farkon 2020. |
| 3. Dillali | Stockbroker | Kamfani mai lasisi da zai saya maka ko ya sayar maka ya cire la'adarshi. Kai da kanka ba ka shiga kasuwar kai tsaye, ko manhajar da ke wayarka akwai dillali bayanta, to ka san sunanshi. |
| 4. Hukumar sa ido | SEC | Hukumar gwamnatin tarayya da ke yi wa dillalai da masu juya kuɗin jama'a rijista. Tana da jerin sunayensu a shafinta, wanda babu sunanshi a nan kar ka ba shi ko kwabo. Takardar CAC kaɗai ba ta isa ba, wannan rijistar sunan kamfani ce kawai. |
| 5. Asusun ajiyar hannun jari | CSCS, CHN | Nan ne ake rubuta cewa hannun jarin naka ne. Dillali zai buɗe maka asusu a CSCS a ba ka lamba, ita ce CHN. Don Allah ku tsaya kan wannan, ya kasance da sunanka, sunan da ke kan BVN ɗinka, ba sunan ɗan uwa ko wani da ya ce zai riƙa juya maka ba. Kuma ka sanar da iyali akwai shi, dukiyar gado ce ranar da ta Allah ta kasance. |
| 6. Rijistara | Registrar | Kamfanin da ke riƙe da rijistar masu hannun jarin wani kamfani, ta hannunshi rabon riba ke zuwa. |
| 7. Rabon riba | Dividend | Kason da kamfani ke ba masu hannun jari daga ribar da ya samu, ana faɗin shi kan kowane hannu ɗaya. Misali kana da 1,000 an ce naira 3, ka tashi da 3,000, a cire harajin kashi 10 cikin 100 a turo maka 2,700. Ba dole ba ne a raba kowace shekara. Sannan sai ka cike fom ɗin e-dividend kafin ya faɗo asusun banki, akwai dattawa nan Sakkwato da sunka sayi hannun jari tun lokacin takarda, ribarsu na can kwance wajen rijistara ba su sani ba. |
| 8. Ribar tashin farashi | Capital gain | Ka saya naira 20 ka sayar 28, ribarka 8 kafin a cire la'ada. In ba ka sayar ba lamba ce kawai a waya, gobe tana iya sauka. |
| 9. Bonas | Bonus | Ƙarin hannun jari kyauta ga masu shi, misali ɗaya kan kowane biyar. Farashi yakan sauka daidai da ƙarin, don kamfanin bai ƙara girma ba. |
| 10. Tallar farko ga jama'a | IPO, Public offer | Kamfani ya fito da hannun jarinshi jama'a su saya kan farashi tsayayye cikin 'yan kwanaki. IPO shi ne karon farko. Da yawa sun fara ne da wanda MTN ta yi a Disamba 2021 kan naira 169. In masu nema sun yi yawa za a iya ba ka ƙasa da abin da ka nema a maido maka sauran kuɗi. |
| 11. Tayin 'yan gida | Rights issue | Kamfani na neman ƙarin jari sai ya fara ba masu hannun jarinshi dama su ƙara saye, galibi da rangwame. Bankuna sun yi ta yin shi bayan Babban Banki ya ce su ƙara jari a 2024. In ba ka karɓa ba kasonka cikin kamfanin zai ɗan ragu. |
| 12. Tayi da kuɗin sallama | Bid, Offer | Bid shi ne abin da mai saye ya taya, Offer abin da mai kaya zai sallama a kai. In tazarar tana da faɗi ko ka ga ɓangaren Bid babu kowa, to hannun jarin nan ba ya tafiya, ranar da buƙata ta taso maka kana iya yin mako kana neman mai saye. Ku riƙa duba wanga wuri kafin ku saya. |
| 13. Odar kasuwa da oda mai iyaka | Market order, Limit order | Ta farko ka ce a saya min a duk farashin da ake yanzu. Ta biyu ka ce kar a wuce naira kaza, in bai samu ba a bari. Ni dai ga sabon shiga ta biyu nake so. |
| 14. Ma'aunin kasuwa | ASI | Lamba ɗaya da ke nuna ko kasuwar gaba ɗaya ta hau ko ta sauka. Ta fara daga 100 a 1984, ta haura 100,000 a Janairun 2024. Tana iya hawa naka kuma yana faɗuwa. |
| 15. Kasuwar hawa da kasuwar faɗuwa | Bull, Bear | Bull lokacin da farashi ke ta hawa wata da watanni, Bear akasin haka. Waɗanda sunka ga 2008 sun san na biyun, mutane har bashin banki sunka ci sunka sayi hannun jari saboda komai na tashi, daga watan Maris kasuwa ta juya, wasu kamfanonin har yau ba su koma farashinsu na lokacin ba. |
| 16. Darajar kamfani a kasuwa | Market cap | Farashin hannu ɗaya sau adadin hannayen duka. Da shi ake gane girman kamfani, don mai naira 2 ba lallai ya fi mai naira 400 araha ba. |
| 17. Riba kan hannu ɗaya da ninkin farashi | EPS, P/E | EPS ribar shekara ce a raba da adadin hannaye. P/E kuma farashi ÷ EPS. Farashi 60, EPS 10, ya ba ka 6, wato kana biyan ribar shekara shida ke nan. Banki da banki ake gwadawa, siminti da siminti. |
| 18. Tarin jarinka | Portfolio | Duk abin da ka mallaka a haɗe. Gara ya kasance a rarrabe, kamfanoni daban kuma sana'o'i daban, banki uku ba rarrabawa ba ce don iska ɗaya ke kaɗa su. |
| 19. Sukuk | Sukuk, Bond | Bond bashi ne kake ba gwamnati ko kamfani ana biyanka kuɗin ruwa. Sukuk kuwa kana mallakar kaso ne cikin kadara ana biyanka haya. Gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 na shekara 7 don aikin hanyoyi, ta DMO, ofishin kula da basussukan gwamnati, shi ya sa kuke ganin allon Sukuk a bakin manyan tituna. |
| 20. Asusun haɗaka | Mutual fund | Jama'a su tara kuɗi ƙwararre mai rijista da SEC ya zuba su wurare daban, ya cire ladan aikinshi duk shekara. Ya dace da wanda ke rumfa safe zuwa magariba ba shi da lokacin bin farashi. Akwai masu bin tsarin Musulunci, a tambaya kafin a shiga. |

Maganar halaccin sayen hannun jari a Musulunci da Hajiya ta tayar ranar nan, gaskiya tana da muhimmanci kuma ba ni zan yanke ta ba, wajen malamai za a kai. Abin da zan iya faɗi shi ne akwai wani ma'auni da ake ce wa NGX Lotus Islamic Index tun 2012, yana tace kamfanonin da ke harkar giya, caca da kuɗin ruwa ya fitar da su, mutum na iya duba sunayen da sunka rage ya tafi da su wajen malaminshi. Jaiz ma da ya fara aiki a 2012 yana cikin kasuwar.

Sai abu ɗaya da ban sa a jadawalin ba don ba kasuwa ba ce, damfara ce. Duk wanda ya ce kawo dubu ɗari wata mai zuwa ka karɓi ɗari da talatin tabbas, kuma in ka kawo mutum a ƙara maka, kuɗin na baya yake ba na gaba har ranar da zai rufe. Mun ga MMM a Disamba 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kuma suna amfani da kalmomin ga na sama sarai don su yi kama da na gaskiya. In an kawo muku irin wagga magana ku koma lamba 4 da lamba 5, ku ce a nuna maku rijistar SEC da lambar CSCS mai sunanku.

Asabar mai zuwa bayan La'asar in Allah Ya kai mu za mu zauna rumfar Alhaji mu bi lamba 12, 13 da 17 a waya ɗaya bayan ɗaya, su ne sunka fi rikita mutane. Wanda ke da tsohuwar takardar hannun jari a gida, tashi ko ta mahaifinshi, ya zo da ita tare da katin shaida mu duba sunan rijistaran da ke jiki.