Daga Inda Ya Tsaya

Sai da Inna ta cika wata huɗu da kwana goma ta fita takaba, sannan Habibu ya sauko da rediyon Baba daga saman sif. Ranar rabon gado babu wanda ya waiwayi rediyon. Yaya Sale ya ɗauki keken ɗinki, 'yan mata suka samu kuɗin gonar Maska, shi kuwa ya ce a lissafa masa wannan cikin kasonsa.

Rediyo ne mai kaset, yana sanye da rigar da Baba ya ɗinka masa da ragowar shadda ruwan toka, har da aljihu a gefe. Eriyar ta karye tun Habibu yana firamare, aka ɗaure ta da waya. Murfin batir ya ɓata, sai kwali da roba. Da safe ya kai shi wajen mai gyara a kasuwar Funtuwa, aka sa sabon bel, aka goge kan da auduga. Mai gyaran ya ce akwai kaset a ciki, ko a gwada da shi? Habibu ya ce a'a, a cire a hankali, kada a juya shi. Ya sayi manyan batura shida ya dawo gida.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya juye kwalin kaset-kaset. Arba'in da uku ya ƙirga. Baba ba ya rubuta sunan mawaƙi a jikinsu. Lokacin sauraro yake rubutawa, da jan biro: Hantsi. Damina. Daren salla. In kasuwa ta ƙi.

Ya ɗauki Daren salla ya juya shi a hannu. Kalangu ne zalla, mai zafi. Shi Baba yake sakawa a goman ƙarshe na azumi, bayan asham, lokacin da ɗinki ya taru har bakin ƙofa, ƙafarsa na bin kiɗan a kan feda, Habibu na gyangyaɗi yana saka maɓalli. Ya ajiye. Gidan bai shirya wa wannan ba tukuna.

Damina kiɗan noma ne, gangar da ake zuga samari da ita a gayya, ga shi kuwa sanyin hunturu ake. Akwai wani marar rubutu, na goge, wanda Baba yake rage wa murya da zarar ya hango liman ya doso shago. Habibu ya sa shi a aljihun rigar rediyon, inda ya same shi. In kasuwa ta ƙi kuma zarensa ya zubo waje, ya zura biro a ramin yana naɗewa a hankali, kamar yadda ya sha gani ana yi.

Inna tana bakin madafa tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma kira sunansa ba, don ɗan fari ne a wajenta.

"Kai yaron nan, tun ɗazu kake ta juye-juye. Za ka saka ne ko za ka mayar?"

"Inna, na rasa wanda ya dace."

"Wanne ka tarar a ciki?"

Ya ciro shi daga aljihun gaba. Tsoho ne, takardar jikinsa ta yi ja, an rubuta Magariba. Zaren ya ɗan wuce rabi. Nan Baba ya danna maɓallin tsayawa ran Talatar da ya ce kansa na sarawa, bari ya ɗan kishingiɗa.

Habibu ya zura kaset ɗin, ya kai yatsa kan maɓallin mayarwa baya.

"Kada ka mayar," in ji Inna. "Bar shi inda Malam ya tsaya."

Ya danna. Aka ji shuuu na ɗan lokaci, sai garaya ta shigo daga tsakiyar baiti, sautin yana ɗan rawa saboda tsufan zare. Muryar wani dattijo ce, ba ya sauri, 'yan amshi na karɓa masa ƙasa-ƙasa. Habibu bai san waƙar ba. Lokacin magariba shi yana filin ƙwallo, ko yana sauri zuwa masallaci, bai taɓa zama a gida ya ji abin da ake saurare kafin kiran salla ba.

Da amshi ya zagayo karo na biyu sai ya ji ƙarin murya a bayansa. Inna ce. Shekara da shekaru yana jin tana ƙorafin kuɗin batir, ashe babu kalmar da ba ta haddace ba. Tana karɓawa, yatsunta na ware tsakuwa daga shinkafa, ta kai gefen mayafi ta share ido sau ɗaya.

Kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya yi ƙas ya dawo sama. Ladan bai kira ba tukuna.

"Juya bayan," in ji ta. "Akwai saura biyu."