Sanarwar Rufe Shago na Ɗan Lokaci

Assalamu alaikum. Muna sanar da abokan cinikinmu masu daraja cewa za mu rufe shagonmu na Mabera daga ranar Litinin, 5 ga Mayu, domin gyaran rufi da sake shimfiɗa tayil a ɗakin girki. Waɗanda suka ci abinci wurinmu a daminar bara sun ga robar da muke tarawa kusa da teburin bakin taga duk lokacin da hadari ya taso, kuma ba ma so ruwan bana ya same mu a wannan hali.

Za mu sake buɗewa ranar Litinin, 19 ga Mayu, da ƙarfe 8 na safe, in Allah ya yarda.

Sai dai tukunya ba za ta sauka ba, domin za mu ci gaba da girki a gida. Mai buƙatar masa, tuwon shinkafa ko dambun nama ya turo saƙo ta WhatsApp a lambar da ke saman shafinmu kafin ƙarfe 11 na safe, a kai masa bayan Azahar a Mabera, Gawon Nama, Arkilla ko Runjin Sambo. Abincin biki ko suna kuwa, muna roƙon a sanar da mu da kwana uku.

A yi mana haƙuri, mun gode ƙwarai.