Rajistar Kadarori Masu Ɗorewa: Jagorar Aiki ga Sashen Kuɗi, Ofishin Jidda da Reshen Makka

Wannan jagora ta ma'aikatan lissafi ce, da mai kula da garejin bas, da mai riƙe da sito. Tana aiki daga rufe littafin watan Janairu 2025, kuma ta shafi duk abin da kamfani ya mallaka domin ya yi aiki da shi fiye da shekara guda: bas-bas ɗin jigilar alhazai da masu Umra, janaretoci, na'urorin sanyaya ɗaki, tukwane da firji na kicin ɗin Makka, kwamfutoci da kujerun ofis. Manhajarmu ERPNext ce, kuma an rubuta sunayen da ke kan allo yadda za ku gan su.

Ƙa'idar da komai ya ginu a kanta ita ce: kowace kadara tana da katinta, wato `Asset`, kuma duk wani motsi na kuɗinta daga katin yake tashi ya shiga babban littafin asusu. Ba a yarda kowa ya buɗe `Journal Entry` da hannu ya taɓa asusun kadarori ko asusun tarin raguwar daraja ba. Ranar da aka yi haka, rajista da babban littafi sun raba hanya, kuma mai binciken asusu zai gano a ƙarshen shekara, lokacin da babu wanda ke tuna dalili.

Shigar da sabuwar kadara

Abin da kuɗinsa ya kai riyal 3,000 ko fiye, kuma zai wuce shekara yana aiki, kadara ne. Wanda bai kai ba, a kai shi kuɗin kashewa na watan. Wannan iyaka tsarin kamfani ne, kada a karya ta don wani ya ga kaya da kyau.

Kafin a yi odar saye, a tabbata kayan yana da alamar `Is Fixed Asset` kuma an ɗaura shi a `Asset Category` ɗin da ya dace, domin daga rukunin ne manhaja take sanin asusun da za ta zuba kuɗi. Idan kaya ya iso, mai sito ya cika `Purchase Receipt`. Kuɗin yana fara zama a asusun aikin da bai kammala ba, `Capital Work in Progress`, sai ranar da kadarar ta shirya aiki ya koma asusunta na dindindin.

Farashin kadara ya wuce abin da ke kan faturar dillali. Bisa ƙa'idar IAS 16, wadda muke bi tunda hukumar akantoci ta SOCPA ta karɓi ƙa'idojin lissafi na duniya, wato IFRS, a Saudiyya, duk abin da aka kashe kai tsaye don kawo kadara wurinta da shirya ta yana shiga cikin farashi: kuɗin dako, kwastan, haɗawa da gwaji. Kuɗin horar da direba da inshorar shekara ba sa shiga. A ƙara kuɗin dako da kwastan ta `Landed Cost Voucher` kafin a tabbatar da katin.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. An sayi bas a kan riyal 400,000, an kashe 20,000 wajen kawo ta da sanya mata na'urar bin sawu. Farashinta a rajista 420,000 ne. Harajin VAT na kashi 15, wanda ake karɓa tun 1 ga Yuli 2020, ya kama 60,000 a kan faturar dillali, kuma shi asusun harajin da za a cire yake tafiya, ba ya hawa kan bas. Sai dai a lura da ƙaramar motar da aka ba manaja yana zuwa gida da ita: irin wannan, hukumar zakka da haraji ta ZATCA ba ta barin a cire harajinta, don haka harajin yana shiga cikin farashin motar.

A kan katin, wuraren da ba a barin su fanko su ne `Location`, `Custodian`, `Cost Center` da `Available-for-use Date`. Na ƙarshen nan shi ne wanda aka fi kuskurewa. Ranar da bas ta samu istimara, wato takardar rajistar mota, da lamba kuma za ta iya ɗaukar fasinja, ita ce ranar, ko da ba ta fita ba sai bayan mako uku. Ranar fatura daban, ranar tafiyar farko daban. A liƙa lambar kati a jikin kayan kafin ya bar sito.

Raguwar daraja

Ƙasa ba a rage mata daraja. Sauran kadarori kuwa, ana raba farashinsu a kan shekarun da za su yi mana aiki, bayan an cire abin da ake sa ran samu idan an sayar da su a ƙarshe. A kunna `Calculate Depreciation`, a sa 1 a `Frequency of Depreciation (Months)`, domin kowane wata muke rufe littafi, kuma da watannin miladiyya.

Hanyar da muka fi amfani da ita `Straight Line` ce, rabo daidai kowane wata. Bas ɗinmu za ta yi shekara 6, kuma muna sa ran sayar da ita 60,000:

```
(420,000 - 60,000) / 72 = 5,000
```

Riyal 5,000 ke nan duk wata. A nan ake yawan yin gardama da mutanen gareji. Bayan alhazai sun watse, rabin bas-bas suna ajiye har Umra ta kankama, sai a ce don me za a ci gaba da cire musu kuɗi alhali ko tayarsu ba ta juya ba. Amsar ita ce IAS 16 ba ta tsayar da raguwa don kadara tana zaune. Kuma gaskiyar ƙa'idar a fili take ga duk wanda ya san zafin Makka: roba tana bushewa, batir yana mutuwa, shekarar ƙirar motar tana tsufa, mai saye kuma shekarar zai fara tambaya. Kada a dakatar da jadawalin kowace bas saboda hutun bayan Hajji.

Hanya ta biyu, `Written Down Value`, tana cire wani kaso tsayayye daga abin da ya rage, don haka nauyin yana faɗawa shekarun farko. Muna amfani da ita ga kwamfutoci da na'urorin sadarwa, waɗanda darajarsu ke zubewa da wuri. Kayan 80,000 a kan kashi 25 za su ba da 20,000 a shekarar farko, 15,000 a ta biyu, 11,250 a ta uku. `Double Declining Balance` yana cikin jerin, amma ba ma amfani da shi.

Janaretocin da ake kaiwa Mina da Arafa su kaɗai ne ake lissafa wa da awannin aiki, saboda injinsu awa ce ke cinye shi kuma akwai mita da ke ƙirgawa. Janareta na 110,000, da ake sa ran sayarwa 10,000 a ƙarshe, mai awa 20,000 na rayuwa, yana cin riyal 5 a kowace awa. Idan ya yi awa 600 a watan, 3,000 ke nan. Watan da bai yi aiki ba, babu komai. A zaɓi `Manual`, mai gareji ya aiko da hoton mita ranar ƙarshen wata, akanta ya cika layin jadawali.

Shigar kowane wata iri ɗaya ce: debit a asusun kuɗin raguwar daraja, kiredit a asusun tarin raguwa. Manhaja tana yi da kanta muddin `Book Asset Depreciation Entry Automatically` na kunne a `Accounts Settings`.

A watan Disamba, shugaban lissafi da mai gareji za su zauna su duba shekarun aiki da abin da ake sa ran samu a ƙarshe na kowane rukuni. Idan an ga bas za ta yi shekara 8 maimakon 6, abin da ya rage ake rabawa a kan sauran lokacin. Shekarun da aka rufe ba a komawa kansu. Gyaran yau da kullum, mai da taya da birki, kuɗin kashewa ne. Sauya injin gaba ɗaya kuwa ana ɗora shi a kan kadara, a fitar da ragowar darajar tsohon.

Lissafin haraji daban yake da wannan. Dokar harajin kuɗin shiga tana tara kadarori rukuni-rukuni, gine-gine a kan kashi 5, motoci da injina da kwamfutoci kashi 25, kayan ofis kashi 10. Ana yin wannan a ƙarshen shekara domin kason abokin haɗin gwiwarmu wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma kada a shigar da waɗannan kason a katin kadara. Ta ɓangaren zakka, ragowar darajar kadarori ana cire ta daga abin da ake lissafa zakka a kai, kuma kwana 120 ne kawai bayan ƙarshen shekara a miƙa takardun. Kuskure a rajista yana bin mu har can.

Sauya wuri, sayarwa da zubarwa

Firji ba ya tashi daga Jidda zuwa Makka sai da `Asset Movement`, ko da aro ne na kwana goma.

Babu kadarar da ke fita daga kamfani sai da takardar amincewar babban manaja. Idan sayarwa ce, a buɗe katin a danna `Sell Asset`, manhaja za ta buɗe `Sales Invoice`, wadda dole ta fita a matsayin faturar lantarki mai ɗauke da VAT kamar kowane ciniki. Kafin a tabbatar, a duba cewa raguwa ta shiga har ranar sayarwa.

A ce an sayar da bas ɗinmu bayan shekara 4 cif a kan 150,000. Tarin raguwa ya kai 240,000, ragowar daraja 180,000, asara 30,000:

```
Dr 1210  172,500
Dr 1590  240,000
Dr 5810   30,000
Cr 1510  420,000
Cr 2310   22,500
```

1210 bashin da ke kan mai saye ne, 1590 tarin raguwa, 5810 riba ko asarar fitar da kadara, 1510 asusun motoci, 2310 harajin da za mu biya. Da an samu riba, a 5810 ɗin za ta zauna ta ɓangaren kiredit. Kada a haɗa ta da kuɗin jigila, domin za ta kumbura cinikin wata da abin da ba ciniki ba. Ranar da aka miƙa mota, a tabbata an canja sunan mai ita a hukumar zirga-zirga kuma an soke inshora.

Abin da ya lalace, ko ya ƙone, ko aka sace, `Scrap Asset` ake yi masa, ragowar darajarsa ta tafi asara, a haɗa hoto ko rahoton 'yan sanda. Kayan da darajarsu ta ƙare amma suna aiki, su zauna a rajista.

Rufe wata

Ranar aiki ta uku ta sabon wata, akanta ya fitar da rahoton `Fixed Asset Register` ya ajiye shi gefen `Trial Balance`. Jimlar farashi ta kowane rukuni ta yi daidai da asusunta, tarin raguwa ma haka, har zuwa halala. Idan an ga bambanci, a fara da neman `Journal Entry` da aka yi da hannu, sannan katin da aka bari a `Draft`, sannan kuɗin da ya kwana a `Capital Work in Progress` bayan kayan sun daɗe da fara aiki. Ba a rufe wata da bambanci, kuma ba a goge shi da shigar gyara sai shugaban lissafi ya ga tushensa ya sa hannu.

Ƙidayar kaya da ido ana yin ta sau ɗaya a shekara, a cikin Muharram, lokacin da bas-bas da janaretoci suka dawo gareji. Mutum biyu ne ke yi, kuma wanda sunansa ke `Custodian` ba ya ƙirga kayan da ke hannunsa. Faturar sayen kowace kadara da takardun fitar da ita a haɗa su a katin, kuma ba a zubar da takardar asali sai da izinin shugaban lissafi, ko da kadarar ta daɗe da barin kamfani.