Yadda Ake Karanta Sunan Sinadari: Takardar Darasi Ga 'Yan Aji Biyar

Ɗalibaina, na lura da yawanku kuna haddace sunayen sinadarai, ranar jarrabawa kuma su tsere muku. Wannan wahala ce da ba ta zama dole ba. Idan kuka ji an kira yarinya Talatu, kun san ranar da aka haife ta. Idan aka ce Gambo, kun san bayan tagwaye ya zo. Haka sunan sinadari yake ɗauke da labarin mai shi, har ma ya fi, domin da sunan kaɗai za ku iya zana shi ko ba ku taɓa ganinsa ba. Masana sun fara tsara waɗannan ƙa'idoji a taron Geneva na 1892, yanzu kuma ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ke kula da su.

Ku riƙa fara karatu daga wutsiyar suna. Ƙarshen -ane na nufin kowane kabon ya riƙe maƙwabcinsa da hannu ɗaya. Idan -ene ne, akwai inda biyu suka riƙe juna da hannu biyu. -Yne kuwa hannu uku. Ƙarshen -ol yana sanar da ku akwai OH a jiki. Gaɓar da ke gaban wutsiyar ita ke faɗin yawan kabon da ke cikin doguwar sarƙar: meth- ɗaya, eth- biyu, prop- uku, but- huɗu, pent- biyar, hex- shida. Waɗannan kam sai an haddace su, kuma kada ku raina bambancinsu. Tsakanin ethanol da methanol kabon ɗaya ne tak, amma methanol kaɗan yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi.

Bari mu ɗauki dogon suna da ke ba ku tsoro: 2,2,4-trimethylpentane. Shi ne ma'aunin da ake gwada ingancin fetur da shi, an ba shi maki 100. Wutsiyarsa -ane, ke nan hannu ɗaya-ɗaya ne duka. Pent- ta ce ku jera kabon biyar, ku sa musu lamba daga 1 zuwa 5. Methyl reshe ne mai kabon ɗaya, wato CH3, tri- kuma ta ce guda uku ne. Lambobin farko su ke nuna mazauninsu: biyu a kan kabon na 2, ɗaya a kan na 4. Sai ku cike sauran gurabe da haidirojin har kowane kabon ya samu hannu huɗu cif.

```
CH3-C(CH3)2-CH2-CH(CH3)-CH3
```

Ku ƙirga da kanku, za ku samu C8H18. Me ya sa ba a ce 2,4,4 ba? Domin ana fara ƙirga daga ɓangaren da zai ba rassa ƙananan lambobi.

Wani zai ce, Malam, ai C8H18 ɗin ta fi sauƙin rubutawa. Gaskiya ne, sai dai ba ta faɗin yadda aka jera su. Butane da 2-methylpropane duka C4H10 ne, amma na farko sarƙa ce ɗaya ba reshe, yana tafasa a kusan -0.5°C, na biyu mai reshe ne, yana tafasa a kusan -12°C. Sunan ne ya raba su.

Ga ramin da ya fi cin ɗalibai, kuma yana ba ni takaici ganin maki na zubewa a nan. Doguwar sarƙa ba lallai ta miƙe a kan takarda ba, tana iya lanƙwasawa. Sai ɗalibi ya ga kabon huɗu a jere da C2H5 rataye a kan na biyu, ya rubuta 2-ethylbutane. Ku ɗora bakin biro a ƙarshen wannan "reshen" ku bi hanya: kabon biyar za ku ratsa. Sunansa na gaskiya 3-methylpentane.

Sinadaran da ba na dangin kabon ba ma haka abin yake. Asid ɗin da ke cikin ruwan batirin mota, H2SO4, a takardun WAEC da NECO za ku gan shi da sunan tetraoxosulphate(VI) acid. Tetraoxo- oksijin huɗu ke nan, VI kuwa matsayin salfa ne, +6: haidirojin biyu sun ba da +2, oksijin huɗu -8, saura +6 kafin lissafi ya koma sifiri.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin: ku zana propan-2-ol, but-1-ene da 2,3-dimethylhexane, ku rubuta yawan haidirojin na kowanne. Sannan ku bayyana abin da ya sa ake kiran CaCO3, dutsen da ake yin siminti da shi, calcium trioxocarbonate(IV). Wanda ya maƙale ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje bayan sallar Azahar, ya taho da zanen da ya fara.