Takardar daidaita inbois da kayan da suka shiga sito, Aboabo, Kumasi

Talata, 13 ga Mayu, 2025

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa. Ga abin da na samu kan kayan da motar Tema ta sauke mana jiya Litinin bayan la'asar. Takardu huɗu na shimfiɗa a tebur: odarmu ta ranar 6 ga wata, webil ɗin direba, takardar karɓar kaya mai lamba GRN 0418 wadda mai sito ya cike, da inbois ɗin kamfanin mai lamba 2291, wanda ke neman sidi 124,600 har da haraji.

Abubuwan da na duba suka yi daidai:

[✓] Sunan shagonmu da adireshi
[✓] Lambar oda ɗaya ce a inbois da webil
[✓] Inbois ɗin na harajin VAT ne, da lambar harajin kamfanin a kai
[✓] Ba mu taɓa biyan inbois mai wannan lamba ba
[✓] Jimillar lissafinsu ta hau, na buga sau biyu

Inda aka samu saɓani:

[✗] Shinkafa mai kilo 25. Inbois ya ce buhu 120 a kan sidi 380, takardar karɓa ta ce 116. Ban yarda da ido ɗaya ba, da safen nan ni da mai sito muka rushe tarin muka sake jera shi goma-goma, 116 ɗin ne dai. Kafin zargi ya faɗa kan direba ko yaran da suka yi dako, Alhaji ya lura cewa webil ɗin ma 116 ya rubuta. Ke nan tun a wurin lodi aka bar huɗun, ofishinsu kuma ya kwafi adadin oda ya zuba a inbois. Wannan bawan Allah abin da aka ɗora masa shi ya kawo. Giɓi: sidi 1,520.

[✗] Sukari mai kilo 50. Buhu 40 sun iso, amma biyu ruwa ya taɓa su har sun daskare ta ƙasa. Mai sito ya mayar da su cikin mota nan take, ya rubuta 38, direba ya sa hannu a gefe. Hotunan suna wayata. Sidi 640 sau biyu: 1,280.

[✗] Man girki, jarka mai lita 25. Adadi ya cika, 60. Farashin ne ya motsa: odarmu sidi 620, inbois 635. Irin wannan ne ke wucewa ba a gani, don takardar karɓa ba ta ɗauke da farashi, sai an koma wa oda. Sidi 15 ba ta cika ido ba, amma a jarka 60 ta zama 900. Idan sun yi wa Alhaji waya kan ƙarin, a sanar da ni in goge layin. Ni dai ba ni da shi a rubuce.

[?] Tumatirin gwangwani, katan 50 a kan sidi 210. Ya cika, sai dai katan 8 wa'adinsu zai ƙare a watan Agusta. Ban cire kuɗinsu ba. Na ware su kusa da ƙofa. A ganina a nemi canji, domin masu sarin da ke zuwa daga Asawase suna duba kwanan wata kafin su ɗauka.

[✗] Taliya. Inbois 30, mun karɓi 35. Katan biyar ɗin nan ba namu ba ne, wataƙila ma na wani mai shago ne da ke can yana jira. An ba ni shawara in yi shiru su zama madadin shinkafa, ban karɓa ba. Amana ce a hannunmu, kuma in muka cakuɗa rara da giɓi, littafin sito ba zai sake faɗin gaskiya ba. Na ɗaure su daban, na rubuta a kai. Ko su ɗauka, ko su aiko da inbois na sidi 800.

Kuɗin da za a riƙe: 1,520 da 1,280 da 900, jimilla sidi 3,700. Abin da ya halatta a biya yanzu: sidi 120,900.

Roƙona, kada a tura kuɗin gaba ɗaya a kan cewa za su gyara a lodi na gaba. A bari su aiko da takardar rage kuɗi mai ɗauke da lambar inbois 2291, don harajin da ke littafinmu ya yi daidai da nasu ranar da jami'an GRA suka zo dubawa. Na rubuta wasiƙar, na haɗa kwafin webil da takardar karɓa. Sa hannun Alhaji kawai nake jira in aika kafin azahar.

Naka, akawun shago
Mai sito ya karanta, ya amince da adadin.