Wasiƙa zuwa ga ɗalibaina game da zaɓen firemwok

Kazaure, Jihar Jigawa
14 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗalibaina 'yan aji biyu masu ɗaukar kwas ɗin gina shafukan intanet, ina gaishe ku, da fatan kun isa gida lafiya, kun kuma tarar da iyaye lafiya. Yaya damina? Allah ya ba mu mai albarka.

Shugaban ajinku ya turo mini tambayar da kuka haɗu kuka yi: wanne za ku fara koya a wannan hutu saboda furojet ɗin zango mai zuwa, React ko Vue ko Angular? Amsata ita ce, kada ku fara da ko ɗaya. Ku ba JavaScript tsurarsa wannan hutun gaba ɗaya. Na san amsar ba za ta yi wa wasunku daɗi ba, musamman waɗanda tuni suka sauke bidiyoyin React suka cika waya da su, shi ya sa na ga gara in rubuto muku dalilaina a tsanake.

Firemwok ba wani yare ba ne daban. Kod ne na JavaScript da wasu suka rubuta don su rage wa kansu maimaita aiki, sannan suka saki don kowa ya amfana. Duk abin da ka rubuta a cikinsa, a ƙarshe JavaScript ne burauza take karantawa, kuma ranar da abu ya lalace da harshen JavaScript za ta yi maka ƙorafi. Dukkanmu mun bi ta makarantar allo. Yaron da ya haddace sura da ka alhali bai yi babbaƙu da farfaru ba, zai rero ta tiryan-tiryan, amma a buɗe masa wani shafi daban sai ya tsaya cik. Haka nake ganin ɗalibin da ya bi bidiyo ya haɗa shafin React bai san yaren da ke ƙarƙashinsa ba.

Bari in kawo abin da nake gani a ɗakin kwamfuta. Ɗalibi zai kira ni, "Malam, React ya ƙi aiki," in na duba allon sai in ga wannan: `Cannot read properties of undefined (reading 'map')`. React ba shi da laifi a nan. Ya aika a ɗebo bayanai da `fetch`, bayanan ba su iso ba tukuna, shi kuwa ya riga ya fara zagaya jerin da bai wanzu ba. Wanda ya fahimci `Promise` da `async` da `await`, ya san cewa burauza ba ta tsayawa jiran amsar saba, ci gaba take da aikinta sai amsar ta zo daga baya, zai gano matsalar cikin minti ɗaya. Wanda bai fahimta ba zai goge `node_modules` ya sake saukewa, ya ƙona datarsa, ya dawo ya tarar da kuskuren yana nan daram.

Ga wani da ya fi wannan sauƙi, amma yana kayar da mutane:

```js
const akwati = document.querySelector("#farashi");
const jimla = akwati.value + 500;
```

Idan mai saye ya rubuta 2000 a akwatin, kuna tsammanin 2500. Abin da zai fito shi ne 2000500, domin duk abin da aka karanto daga `value` rubutu ne, ba lamba ba, kuma alamar `+` in ta haɗu da rubutu liƙawa take yi. Maganin shi ne `Number(akwati.value)`. Ku ɗauka wannan shafin lissafin dillalin riɗi ne a kasuwar Maigatari, sai ku ga irin rigimar da layi ɗaya zai haddasa. Babu firemwok ɗin da zai ɗauke muku nauyin sanin wannan.

Na uku shi ne wanda nake so ku fi daɗewa a kansa:

```js
const buhuna = ["riɗi", "gero"];
const kwafi = buhuna;
kwafi.push("wake");
console.log(buhuna.length); // 3
```

Sunan `kwafi` yaudara ce. Ba a kwafi komai ba, suna biyu ne suke nuni ga jeri guda, ka taɓa ɗaya ka taɓa ɗayan. To React yana gane cewa bayani ya canza ne ta hanyar duba ko abin da ka miƙa masa sabo ne ko wancan na dā ne. In ka yi `push` a kan tsohon jerin ka sake miƙa masa shi, zai ga ai shi ne dai, sai ya ƙi sabunta allon. Shi ya sa kuke ganin ana rubuta `[...buhuna, "wake"]` a bidiyoyi. Da yawa suna kwafar ɗigogin nan uku kamar laya, ba su san sabon jeri suke ƙirƙira ba. Rabin wahalar da masu koyon React suke sha, a ganina, daga wannan darasi guda ta taso.

Sai maganar daɗewa. Brendan Eich ne ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, aka tsayar masa da ƙa'ida mai suna ECMAScript a 1997. Gyaran da aka yi masa a 2015 ya kawo `let` da `const` da `class` da `Promise` da `import`, sannan `async` da `await` suka biyo a 2017. Duk da haka ana ƙara masa ne ba tare da an rushe na baya ba, saboda ba a son tsofaffin shafuka su mutu. Firemwok kuwa ba su da wannan alkawari. jQuery ya fito a 2006, ya yi zamanin da kusan kowa da shi yake aiki, har burauza da kansu suka samar da `querySelector` da `fetch` buƙatarsa ta ragu. AngularJS na Google ya fito a 2010, a 2016 aka sake gina shi daga tushe da sunan Angular, waɗanda suka ƙware a tsohon suka koma ɗalibai. React da Facebook ya saki a 2013 ya canza salon rubutunsa a 2019 da zuwan `useState` da 'yan uwansa. Vue na Evan You ya fito a 2014, Vue 3 ya zo a 2020, aka daina kula da Vue 2 a ƙarshen 2023. Ko `create-react-app` da yawancin bidiyoyin da ke wayoyinku suke farawa da shi, masu React sun sanar da yin ritayarsa a farkon 2025. Waɗanda suka tsallake duk waɗannan sauye-sauye ba tare da jigata ba su ne masu riƙe da yaren.

Akwai kuma halin da muke ciki, wanda masu yin bidiyon nan ba su san da shi ba. Wasunku suna Roni, wasu Gwiwa, wasu 'Yankwashi, wasu ma a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Wuta sai ta ga dama, caji sai an kai shago an biya, laftof ɗaya mutum biyu ko uku. Kafin ka rubuta layin farko a firemwok yawanci sai ka girka Node.js, ka buga `npm install`, ka zauna kana kallon megabait suna tafiya, in sabis ya yanke a tsakiya ka sake. JavaScript tsura kuwa burauza da wurin rubutu kawai yake nema. Ka ƙirƙiri `index.html` da `app.js`, ka buɗe, ka danna `F12`, ga `Console` nan yana jiranka ko babu intanet. Ranar da kuka shigo gari kuka samu sabis mai ƙarfi, ku buɗe shafin DevDocs ku ajiye sassan JavaScript da HTML da CSS don karantawa ba tare da data ba. In kuna da data kuwa, shafin MDN ya fi kowane bidiyo.

Na san abin da za ku ce: tallan aiki React suke nema. Gaskiya ne, ban musa ba, kuma ban ce ku guje shi har abada ba. Babban shafi mai allo da yawa da bayanai masu canzawa kowane lokaci yana da wuyar riƙewa da hannu, don haka aka ƙirƙiri waɗannan kayan, kuma suna da amfani sosai. Sai dai mai ɗaukar aiki in ya zaunar da kai, yawanci tambayar yaren zai fara yi maka: bambancin `==` da `===`, abin da `this` yake nufi a nan da can, dalilin da ya sa `setTimeout` mai sifili ba ya gudana nan take. Ga kuma wani abu: sai ka sha wahalar sabunta allo da hannunka, ka manta wuri ɗaya lissafi ya saɓa, sannan za ka gane wace matsala React ya zo warwarewa. Daga nan koyonsa ba ya ɗaukar lokaci.

To ga aikin hutu. Kowa ya gina littafin adashi a shafi guda, ba tare da saka kod ɗin kowa ba. A iya ƙara sunan mai zubi da cire shi, a rubuta zubin kowane mako, shafin ya nuna jimla da wanda kwasa ta zo kansa. Ku yi amfani da `addEventListener` da `createElement`, ku sarrafa jerin da `map` da `filter` da `reduce`, ku adana bayanan a `localStorage` ta hanyar `JSON.stringify` yadda ko an rufe burauza ba za su ɓace ba. Wanda adashi bai dame shi ba ya yi na farashin hatsi ko na bashin taki, tsarin ɗaya ne. Sunayen ƙirƙira za ku saka, kada wani ya zuba mini asirin adashin gidansu.

Wanda ya gama da wuri ya raba kod ɗin gida-gida da `import` da `export`, ya kuma ɗebo bayanan farko daga fayil ɗin JSON da `fetch`. A nan za ku ci karo da wani abu: waɗannan biyun ba sa aiki in kun buɗe shafin ta danna fayil kai tsaye. Sai kun tayar da ƙaramar saba a kan laftof ɗin, kuma in akwai Python a kai, wannan ya isa, ba ya cin data:

```
python -m http.server
```

In kuskure ya fito da jan rubutu, ku karanta shi har ƙarshe kafin ku turo mini hoto. Yana faɗin sunan fayil da lambar layi. Ku je layin, ku saka `console.log`, ku ga abin da ke ciki da idonku.

A makon farko na dawowa zan zauna da kowa minti goma. Zan nuna layi in ce a bayyana mini shi, sannan in nemi ƙaramin canji a gabana, misali a jera masu zubi daga wanda ya fi yawan bashi. Wanda ya yi wannan, ya zaɓi firemwok ɗin da ransa yake so don furojet, zan sa hannu. In ya nemi shawarata zan ce React saboda kasuwar aiki, ko Vue in yana son abin da ya fi kusa da HTML ɗin da ya saba. Wanda bai iya ba tukuna zai yi furojet ɗinsa da JavaScript tsura, kuma makinsa ba zai ragu saboda haka ba ko kaɗan.

Masu laftof ku taimaki marasa shi, musamman 'yan uwanku mata da ba kullum suke samun fitowa gari ba. Shugaban aji ya haɗa ku uku-uku bisa kusancin garuruwanku, ya turo mini jerin kafin Juma'a. Tambayoyi kuma a tara su ta hannunsa, zan riƙa amsawa duk ranar Asabar bayan la'asar.

Ku gaishe mini da iyayenku.

Wassalam,
Malaminku na kwas ɗin gina shafukan intanet